Imel Ɗin da Ke Ɗaga Murya: Yadda Ake Sassauta Shi Ba Tare da an Sake Rubutawa Ba

A watan Disamba na 2007 wani kamfanin kiwon lafiya da ke birnin Auckland na ƙasar New Zealand, mai suna ProCare Health, ya sallami wata jami'arsa ta sashen kuɗi. Ba a zarge ta da taɓa ko sisin kwabo ba. Abin da aka ce ta yi shi ne tana haddasa rashin jituwa a ofis, kuma cikin hujjojin da aka kawo akwai yadda take rubuta imel: kalmomi da manyan baƙaƙe zalla, wasu an kaurara su, wasu an rina su da ja. Ta kai ƙara gaban hukumar sasanta rikicin ma'aikata ta ƙasar, kuma a 2009 hukumar ta yanke cewa korar ba ta bisa ƙa'ida, ta umarci a biya ta dala 17,000 na New Zealand. Saƙon da aka gabatar a matsayin shaida na bayanin yadda ma'aikata za su cike fom ɗin neman kuɗinsu ne, an haskaka rana da lokaci da jan rubutu. Wato taimako matar take ƙoƙarin yi, abokan aikinta kuma tsawa suka ji.

Duk wanda ya taɓa aiki a sakatariya, ko banki, ko wata ƙungiyar agaji a Kano ko Maraɗi ya san irin wannan saƙo. Mai rubuta shi sau da yawa ba mafaɗaci ba ne. Mutum ne da ya gaji da tunatarwa, yana tsoron kada a tsallake saƙonsa, sai ya danna maɓallin Caps Lock ya jera alamar motsin rai uku uku. Daga baya ya ji kamar ya yi tsauri, sai ya liƙa fuskar murmushi don ya wanke laifinsa. Sakamakon shi ne wasiƙar da ke faɗa da dariya a numfashi ɗaya.

Ɗaukar manyan baƙaƙe a matsayin ihu tsohuwar al'ada ce a intanet. A watan Oktoba na 1995 wata ma'aikaciyar kamfanin Intel, Sally Hambridge, ta fitar da wata takardar ladubban hulɗa ta intanet da aka sani da RFC 1855. A ciki ta shawarci masu rubutu su gauraya manya da ƙananan baƙaƙe, domin manya zalla suna kama da ɗaga murya, ta kuma ce a yi amfani da alamar murmushi amma da tsantseni. Akwai kuma dalilin ido. Ƙananan baƙaƙe suna da masu tsawo kamar l da k, da masu saukowa ƙasa kamar y da g, amma manya duk tsayinsu ɗaya, kuma mutane ba su saba karanta dogon rubutu da su ba. Shi ya sa sakin layi guda na manyan baƙaƙe yake gajiyar da mai karatu tun bai kai rabi ba.

A Najeriya al'adar tana da wani tushe na daban. Wasiƙar ofis ta takarda, tun zamanin tafireta, ana rubuta kanunta da manyan baƙaƙe a ja layi a ƙarƙashi, domin tafireta ba ta da wata hanyar bambanta kanu da jikin wasiƙa. Haka aka koya wa ɗalibai a darasin rubuta wasiƙa, haka ma'aikatan gwamnati suka gada. Da imel ya zo sai aka kwashe al'adar aka zuba a layin take. To amma layin take na imel tuni manhajar ta ware shi, kuma saƙon da ba a buɗe ba tukuna takan nuna shi da kaurin rubutu. Manyan baƙaƙen ba su ƙara masa komai sai hayaniya. Wani lokacin ma suna jawo asara: manhajar tace saƙonnin bogi mai suna SpamAssassin, wadda uwar garke da dama ke amfani da ita, tana da wata doka mai suna SUBJ_ALL_CAPS da ke ƙara wa saƙo makin tuhuma idan takensa duk manyan baƙaƙe ne. Makin shi kaɗai ba ya jefa saƙo kwandon shara, amma idan ya haɗu da wasu alamu, yana iya kaiwa can.

Don a ga yadda gyaran yake a aikace, a ɗauka wani akawu ne ya rubuta wa ma'aikatan sashensa wannan saƙo, ya kuma nuna wa abokiyar aikinsa kafin ya tura:

Take: GAGGAWA!!! A KARANTA YANZU!!!

Salam abokan aiki! 😊 Da fatan an tashi lafiya!! Ina tunatar da KOWA DA KOWA cewa DOLE NE a miƙo rasit na tafiye-tafiyen watan jiya!!! Har yanzu wasu BA SU kawo nasu ba 😡😡. Duk wanda bai kawo ba kafin ranar Alhamis ƙarfe 12 na rana BA ZA A BIYA SHI a wannan watan ba!! A haɗa da fom ɗin DTA! Na gode sosai!!! 🙏🙏

A wannan ɗan gajeren saƙo akwai alamar motsin rai 18, da imoji 5, da kalmomi 16 da aka ɗaga wa murya. Abin lura shi ne inda ƙarfin ya sauka. An jaddada "kowa da kowa", an jaddada "ba su", an jaddada barazanar rashin biya. Abu ɗaya da mai karatu yake bukatar ya riƙe, wato Alhamis ƙarfe 12, shi ne aka bari da ƙananan baƙaƙe a tsakiyar jimla, babu abin da ke nuna shi. Haka irin waɗannan saƙonni suka saba: marubucin yana jaddada abin da ke ƙona masa rai, ba abin da mai karɓa zai yi aiki da shi ba.

Jarabar da ke kama mai gyara a nan ita ce ya share komai ya rubuto nasa, da "bisa umarnin da aka ba ni" da "ina mai farin cikin sanar da ku". Wannan kuskure ne. Akawun zai ga saƙon ba nasa ba ne, ma'aikatan da suka san bakinsa za su ji baƙuwar murya, kuma a garin sake gini ana iya canza ma'ana, "dole ne" ta koma "ana roƙo", alhali ba roƙo ake yi ba. Gyara mafi ƙanƙanta yana bin ƙa'ida guda: a taɓa alamomi, a bar kalmomi. Sai in an cire wata alama an ga aikin da take yi ya ɓace, sannan a nemo kalma ɗaya ko biyu su ɗauki aikin.

Ana farawa da manyan baƙaƙe, domin su ne suka fi ƙara. Duk kalmomin da aka ɗaga sai a mayar da su ƙanana, banda DTA, wanda taƙaitaccen sunan alawus ɗin tafiyar aiki ne, haka ake rubuta shi ko ba a fushi. "Dole ne" ba ta rasa komai ba da ta sauko. Kalmar da kanta ta isa umarni. Daga nan sai a zaɓi wuri ɗaya tak da ya cancanci a haskaka, a nan ranar da lokacin, a kaurara rubutunsa. Wuri ɗaya, domin jaddadawa tana aiki ne da bambanci. Lasifikar mai tallar magani a tasha idan ita kaɗai ce kowa zai waiga, amma da zarar sun zama biyar babu wanda ake jin abin da yake faɗa.

Sai alamar motsin rai. Duk inda aka jera biyu ko uku a mayar da su ɗaya, sannan a bi ɗaya bayan ɗaya ana tambayar me take yi a wurin. Wadda ke bayan umarni ko gargaɗi, kamar "a haɗa da fom ɗin DTA", tsawa take yi, sai ta koma aya. Wadda ke bayan sallama sai ta koma waƙafi. Wadda ke bayan godiya ita ce ke ɗauke da fara'ar marubucin, don haka ita ake bari. Ga abin da ya fito:

Take: Rasit na tafiye-tafiye: a kawo kafin Alhamis, 12 na rana

Salam abokan aiki, da fatan an tashi lafiya. Ina tunatar da kowa da kowa cewa dole ne a miƙo rasit na tafiye-tafiyen watan jiya. Har yanzu wasu ba su kawo nasu ba. Duk wanda bai kawo ba kafin ranar Alhamis ƙarfe 12 na rana ba za a biya shi a wannan watan ba. A haɗa da fom ɗin DTA. Na gode sosai!

A jikin saƙon ba a canza ko kalma ɗaya ba. Take ne kawai aka sake rubutawa, kuma da dalili: da aka sauke masa murya sai aka tarar ba ya faɗin komai. "Gaggawa, a karanta yanzu" zai dace da saƙon gobara, zai dace da na taron suna. Wanda ke duba waya a cikin adaidaita sahu yana bukatar ya san abin da ake nema da lokacin da ake nema tun bai buɗe ba, kuma wanda zai nemo saƙon bayan wata uku zai rubuta "rasit" ne a wurin bincike.

Gyaran ya kuma tono wani abu da ihun ya lulluɓe. "Ba za a biya shi ba": me ba za a biya ba, albashi ko kuɗin tafiya? A rubutun farko ido yana tsayawa kan barazanar ya wuce. Yanzu da jimlar ta natsu, giɓin ya fito fili, kuma giɓi ne da zai iya tayar da hankalin ofis gaba ɗaya a ƙarshen wata. Nan ne mai gyara zai koma wurin akawun ya tambaye shi, ba zai yi hasashe ba. Idan amsar kuɗin tafiya ce, sai a ƙara kalmomi biyu: "ba za a biya shi kuɗin tafiya a wannan watan ba." Haka ma Alhamis, gara a sa mata kwanan wata, saboda wanda ya buɗe saƙon ranar Juma'a zai ɗauka ta mako mai zuwa ake nufi.

Batun imoji ya fi sarƙaƙiya, domin asalinsa magani ne na wata matsala ta gaskiya. Ranar 19 ga Satumba 1982 Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya ba da shawarar a riƙa sa :-) a bayan raha, saboda abokan aikinsa suna ɗaukar wasa a matsayin magana ta gaske. Rubutu ba shi da fuska, ba shi da sautin murya. Wani bincike da Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka wallafa a 2005 ya nuna cewa masu tura imel suna da yaƙinin za a gane gatse ko gaskiyar da suke nufi fiye da yadda ake ganewa a zahiri. Marubuci yana jin muryarsa a kansa lokacin da yake rubutu, sai ya manta cewa muryar ba ta bin saƙon.

Amma ko fuskar murmushi tana toshe wannan giɓin a wasiƙar aiki? Ella Glikson da Arik Cheshin da Gerben van Kleef sun gwada a wani bincike da ya fito a 2017, da mutum 549 daga ƙasashe 29. An ba mahalarta imel na aiki daga wanda ba su sani ba, wasu da alamar murmushi, wasu babu. Alamar ba ta sa an ga marubucin ya fi fara'a yadda murmushin fuska da fuska yake sa wa ba, amma ta sa an rage masa maki a ƙwarewa, kuma waɗanda suka ba shi amsa sun taƙaita bayanin da suka ba shi. Ya kamata a kula da iyakar wannan sakamako: magana ce ta haɗuwar farko, a saƙo na hukuma, tsakanin baƙi. Bai ce abokan aiki da suka shekara goma suna cin tuwo tare kada su yi wa juna murmushi ba.

Wata matsalar kuma ita ce hoton da aka tura ba lallai shi ne ya isa ba. Imoji ya shiga tsarin Unicode ne a 2010, kuma abin da tsarin ya tsayar shi ne lamba da suna; kowane kamfani, Apple ko Google ko Samsung ko Microsoft, shi ke zana nasa hoton. Masu bincike a Jami'ar Minnesota sun nuna a 2016 cewa wata fuskar dariya mai bayyana haƙora, a wasu wayoyin ana ganinta a matsayin farin ciki, a wayar Apple ta lokacin kuma mutane da yawa sun karanta ta a matsayin yaƙe. Waɗanda suka daɗe da aikin ofis za su tuna wani harafin J da ke maƙalewa a ƙarshen jimla ba gaira ba dalili. Murmushi ne daga manhajar Outlook, wadda a da take mayar da shi hoto da salon rubutu na Wingdings. Idan na'urar mai karɓa ba ta da wannan salo sai ainihin harafin ya bayyana. Ita ma 🙏 da akawun ya rufe saƙonsa da ita, wani godiya yake gani, wani addu'a, wani roƙon afuwa.

Mafi tsadar imoji da aka sani shi ne na wani manomi a lardin Saskatchewan na Kanada. A watan Maris na 2021 wakilin kamfanin sayen hatsi na South West Terminal ya tura masa hoton takardar yarjejeniya ta waya, ya nemi ya tabbatar, shi kuma ya mayar da 👍. Lokacin kai kaya ya yi, farashi ya tashi, kaya ba su zo ba. Manomin ya ce abin da yake nufi kawai shi ne saƙo ya iso. A 2023 alƙali Timothy Keene ya duba yadda ɓangarorin biyu suka saba ƙulla ciniki da gajerun amsoshi a baya, ya yanke cewa babban yatsan amincewa ce, ya umarci a biya diyya ta sama da dala 82,000 na Kanada. Saƙon waya ne ba imel ba, kuma hukuncin na kotun Kanada ne, amma hatsarin ɗaya ne ga duk ɗan kasuwar da ake turo wa farashi ko takardar oda. A irin wannan wuri share alamar kawai bai isa ba, sai an maye gurbinta da abin da ake nufi: "Na gani, zan duba in ba da amsa gobe," ko kuma "Na amince."

To a saƙon akawu, 😡😡 sun tafi ba tare da an maye gurbinsu ba, tunda jimlar "har yanzu wasu ba su kawo nasu ba" ta riga ta faɗi ƙorafin, kuma jajayen fuskokin suna sauka ne har kan waɗanda suka kawo nasu tun makon jiya. Murmushin farko ma bai bar giɓi ba. A nan mai rubutu da Hausa yana da sa'a: gaisuwar da ya saba buɗe magana da ita, da fatan an tashi lafiya, ya aiki, ya iyali, tana yin aikin da wasu ke nema wurin hoton fuska. Haka "don Allah", da "a taimaka", da "sannu da ƙoƙari".

Sai dai gyara yana iya wuce gona da iri. Wani bincike da Celia Klin ta jagoranta a Jami'ar Binghamton, wanda aka sanar a ƙarshen 2015, ya gano cewa ɗalibai suna ɗaukar gajeriyar amsar tes da ta ƙare da aya a matsayin wadda ba ta kai zuci ba. A imel ma ana jin haka. Ƙaramin ma'aikaci ya kwana yana haɗa rahoto, shugabarsa ta amsa da "Na gani." kawai, zai yini yana tunanin abin da ya ɓata. Idan ainihin amsarta "Na gani!!! Madalla!!! 👏👏" ce, gyaran da ya dace shi ne "Na gani, madalla!" Taya murnar ƙarin girma, godiya ga wanda ya yi abin da ya wuce aikinsa, barka da sallah, duk wurare ne da alamar motsin rai ɗaya take zaune daram. Alamar cewa an aske saƙo fiye da kima ita ce idan an karanta shi a bayyane ya fita kamar takardar tuhuma, alhali mai shi ba tuhuma yake yi ba. Wanda ake rubuta wa shi ma ma'auni ne: idan babban sakatare ne ko abokin ciniki sabo, a fara ba tare da ado ba, in shi ya sassauta sai a bi shi.

Manyan baƙaƙe ma suna da ranarsu. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta shafe shekaru da dama tana fitar da sanarwarta da manyan baƙaƙe zalla, gadon na'urorin aika saƙo na da waɗanda ba su da ƙanana. A watan Mayu na 2016 ta koma rubutu gauraye, amma ta bar wa masu hasashe damar amfani da manya idan akwai hatsari mai tsanani. Ofis ma zai iya yin haka. Saƙon da ke cewa KADA a buɗe wata takardar da aka liƙa saboda tana ɗauke da cutar kwamfuta ya cancanci kalmarsa guda mai ƙara, kuma za a ji ta ne idan ba a ɓarnatar da irinta kan rasit ba.

Ga mai aiki da Word ko Outlook a kwamfuta, ba sai an sake buga kalmomin ba. A zaɓi rubutun a danna Shift+F3, zai riƙa juyawa tsakanin manya zalla, ƙanana zalla, da babban baƙi a farko. Amma maɓallin bai san bambancin ihu da suna ba. Idan aka zaɓi sakin layi gaba ɗaya, NYSC da BVN da FCFA duk za su faɗo ƙasa, Kano da Alhamis su rasa babban baƙinsu, don haka gara a bi kalma kalma. Alamomin motsin rai kuma Ctrl+F a Word zai nuno su a jere, wanda ya fi dogaro da ido, domin marubuci ba ya ganin nasa.

Akwai kuma manyan baƙaƙen da ba a taɓawa ko kaɗan. Lambar takardar oda, lambar fayil, da duk abin da za a kwafa a liƙa a wani wuri, a bar su yadda suke. Wanda ke musayar wasiƙa da ofisoshin Yamai ko Damagaram zai ga ana rubuta sunan dangi da manyan baƙaƙe, sunan yanka kuma da ƙanana. Tsarin takardun Faransanci ne, don a san wanne ne wanne, musamman a inda suna ɗaya kamar Musa ko Abdu zai iya zama na mutum ko na mahaifinsa. Haka idan saƙon da Faransanci ne, ɗan filin da ake bari kafin alamar motsin rai ƙa'idar rubutun harshen ce. Mai gyara daga Kano da ya bi ya daidaita waɗannan, ya ɓata wa takardar tsari ne, kuma ma'aikacin da ke shigar da sunaye a rajista a can zai iya juya sunan mutum baya da gaba.